Rajista, Falle Ko Manhaja: Ina Ya Dace A Ajiye Sawun Ayyukan Da Aka Kammala?

Jerin ayyuka da sawun ayyuka ba abu ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ke sa manajoji da yawa su zaɓi abin da ba zai amfane su ba ranar da bukata ta taso. Jerin ayyuka yana gaya maka halin da ake ciki yanzu: wannan an gama, wancan ana kai, na uku ba a fara ba. Sawun aiki kuwa yana gaya maka yadda aka zo nan: wa ya karɓi aikin, yaushe ya ce ya gama, wa ya duba, me aka sauya daga baya, kuma me ke rubuce a wurin kafin a sauya. Kamar bambancin da ke tsakanin ganin ragowar kuɗi a asusun banki da ganin takardar shige da ficen kuɗin ne. Ragowar lamba ɗaya ce, ba ta faɗa maka wanda ya cire ko ranar da ya cire.

Hanyoyi huɗu ne aka fi bi: rajistar takarda, fallen Excel ko Google Sheets da kowa ke shiga, manhajar raba ayyuka irin Trello ko Jira, da kuma rumbun bayanai da aka gina don a riƙa ƙara rubutu kawai ba tare da gogewa ba. Ni a wurina tambaya ɗaya ce ke raba su, kuma ba ta shafi kyan fuska ko yawan maɓallai ba. Wa zai iya sauya abin da aka riga aka rubuta, kuma in ya sauya, me zai nuna?

Wannan ma'auni ba ƙirƙirata ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da ƙa'idar 21 CFR Part 11 a 1997 game da bayanan da ake ajiyewa a kwamfuta, kuma sashe na 11.10(e) ya bukaci sawun da na'ura ce ke samar da shi, mai ɗauke da lokaci, wanda gyara ba ya rufe abin da aka rubuta tun farko. Yawancin ofisoshi wannan doka ba ta hau kansu ba, amma sharuɗɗan nan uku sun isa a auna kowace hanya da su.

Misalin da za mu bi da shi

A ce akwai rumbun ajiyar kaya mai ɗakin sanyi, da ma'aikatan gyara shida da shugabansu guda. Aiki mai lamba 214 shi ne canja belin fankar injin sanyaya ɗakin, kuma wa'adinsa Litinin 3 ga Maris. Ranar 19 ga Afrilu injin ya tsaya, kaya suka lalace, manaja ya zauna yana son sanin abin da ya faru da aikin 214.

Gaskiyar abin da ya faru, wanda manajan bai sani ba tukuna, shi ne: ba a yi aikin ranar 3 ba domin belin bai iso ba. An canja shi ranar 11, makaniken ya ce an gama. Washegari wani abokin aikinsa ya ji ƙara a injin, ya sake buɗe aikin. Ranar Juma'a 14 da yamma, shugaban sashen yana haɗa rahoton mako, ya rufe aikin tare da wasu goma sha ɗaya ba tare da an sake gwada injin ba, sannan ya mayar da ranar kammalawa 3 ga Maris don kada a ga an wuce wa'adi.

Abubuwa uku ne manajan ke bukatar ganowa: jinkirin kwana takwas, ƙorafin ƙarar da aka ji, da rufewar da aka yi ba gwaji. Na biyun ne ya fi muhimmanci, domin shi ne ke nuna an ga alamar matsala makonni biyar kafin injin ya tsaya.

Rajistar takarda

Mutane na raina takarda, amma tana da wani ƙarfi da fallen kwamfuta ba shi da shi: gogewa na barin tabo. In rajistar ɗinkakkiya ce mai lambar shafi, ana rubutu da biro layi bayan layi ba a barin gurbi, to cusa sabon layi tsakanin 11 da 12 ga wata abu ne mai wuya, yage shafi kuma lamba za ta tona. Ƙa'idar gyara a irin wannan littafi sananniya ce: a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda har yanzu za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ba a shafa farin ruwan gogewa.

A misalinmu manajan zai ga layin ranar 11, ya ga na ranar 12 mai cewa ana jin ƙara, da rubutun hannu daban, sannan ya ga na ranar 14. Shugaban sashen ba shi da hanyar mayar da aikin 3 ga Maris sai dai ya rubuta ƙarya a fili a ƙarƙashin layukan da ke ƙaryata shi.

Inda takarda ke gaza shi ne lokaci da nema. Mutum ne ke rubuta kwanan wata da hannunsa, don haka wanda ya yi sakaci duk mako zai iya zama ranar Juma'a ya cike layuka biyar da ranaku biyar. Alamar ita ce biro ɗaya, kaurin tawada ɗaya, rubutu a miƙe kamar an kwafa, shafi fes babu dattin hannu. Maganinsa shi ne wani na biyu ya riƙa sa hannu a ƙasan layin ƙarshe kowace rana. Sannan in manaja na son duk abin da aka taɓa yi wa injin nan cikin shekara biyu, sai ya bi shafi ɗari uku da ido. Kwafi ɗaya ne kuma, ruwa ko wuta ko mantuwa sun isa su tafi da shi. Ga mutum uku ko huɗu a wuri guda, masu ayyuka kaɗan a rana, rajista ta wadatar. Da zarar an sami reshe na biyu, ta fara zama nauyi.

Fallen da kowa ke rubutu a ciki

A nan mafi yawan ƙungiyoyi suke, a nan kuma ruɗin ya fi yawa, don haka zan ɗan daɗe.

Yadda aka saba tsara shi shi ne layi ɗaya ga kowane aiki, da ginshiƙin hali da ginshiƙin ranar kammalawa. Matsalar a cikin tsarin take tun daga tushe. Kowane sabon bayani yana hawa kan tsohon ne ya danne shi. Aikin 214 ya wuce ta hali biyar, amma ranar 19 ga Afrilu abin da manajan zai gani kalma ɗaya ce, an gama, da rana ɗaya, 3 ga Maris. Babu jinkiri, babu ƙara, babu komai. Fallen bai yi kuskure ba, abin da aka gina shi ya yi ke nan.

Za a ce ai akwai tarihin sauye-sauye. Akwai. A Google Sheets, in ka danna dama a kan gurbi ka zaɓi Show edit history, za ka ga wanda ya taɓa gurbin, da lokacin, da abin da ke ciki kafin ya taɓa. A ƙarƙashin File kuma akwai Version history mai nuna tsoffin kamannin fallen gaba ɗaya. Excel na Microsoft 365 yana da makamancinsa, Show Changes. Manajan da ya san wannan zai iya danna gurbin ranar aikin 214 ya ga an mayar da 11 zuwa 3 ranar Juma'a da yamma, da sunan wanda ya yi.

Amma dubi sharuɗɗan da sai sun cika. Dole ya riga ya yi zargin wannan gurbin takamaimai, domin babu abin da zai ja hankalinsa gare shi cikin gurabe dubu. Tarihin gurbi a Google Sheets ba ya nuna layuka ko ginshiƙan da aka ƙara ko aka goge, ba ya kuma nuna sauyin da lissafin fomula ya jawo. Wato in an goge layin 214 ɗungurungum aka sake rubuta sabo, tarihin gurbin sabon layin zai fito fes, sai dai a koma tonon tsoffin kamannin fallen ɗaya bayan ɗaya, waɗanda su ma akan haɗe wasunsu wuri guda bayan lokaci. Abin da ya fi kowanne yawan faruwa kuma ba mugunta ba ce: ƙarshen wata ya zo, wani ya yi Make a copy ya buɗe sabon falle, ko ya sauke fayil ɗin ya tura wa manaja ta imel. Kwafi ba ya tafiya da tarihi. Abin da ya isa hannun manaja hoton ranar ƙarshe ne kawai.

Akwai wani tarko ƙarami da ke kama masu wayo. Mutum na son fallen ya riƙa sa lokaci da kansa, sai ya rubuta `=NOW()` a gurbin ranar kammalawa. Wannan fomula tana sake lissafa kanta duk lokacin da fallen ya motsa, don haka aikin da aka gama a Maris zai wayi gari yana nuna ranar yau. In ka buɗe falle ka ga ayyuka arba'in duk an kammala su a minti ɗaya na safiyar da ka buɗe, ga dalilin. Maɓallan `Ctrl+;` suna sa kwanan wata tsayayye, amma wannan daidai yake da rubuta shi da hannu, kowa na iya sauya shi.

Duk da haka ba na cewa a yar da falle. Akwai gyara guda da ke canja darajarsa ƙwarai: a daina barin ma'aikata su taɓa fallen kai tsaye, a sa su cika fom. Da Google Forms, kowace amsa tana zama sabon layi, na'urar ce ke sa Timestamp, wato tambarin lokaci, a ginshiƙin farko, kuma in aka kunna Collect email addresses a kan tantancewa, sunan asusun mai cikawa na shiga ba tare da ya rubuta ba. A kashe Allow response editing, a bar wa ma'aikata ikon dubawa kawai a fallen amsoshin. Yanzu aikin 214 ba layi ɗaya ba ne, layi huɗu ne ko biyar, kowanne da lokacinsa. Shugaban sashen na iya cika fom ya ce an gama ranar 3, amma layin nasa zai ɗauki tambarin 14 ga Maris, a ƙarƙashin layin ƙorafin ranar 12. Wani ƙarin alheri shi ne fom ɗin na riƙe nasa kwafin amsoshin, kuma gyara a falle ba ya sauya su, don haka akwai wuri na biyu da za a gwada in an yi shakka.

Iyakarsa ita ce mai fom ɗin. Duk wanda ya mallake shi zai iya goge amsa a fom ya goge layi a falle. Saboda haka kada mallakar ta kasance a hannun wanda ake duba aikinsa. In shugaban sashen ne ya ƙirƙiri fom ɗin da asusunsa, an gudu ne ba a tsira ba.

Manhajar raba ayyuka

Trello da Jira da ire-irensu sun zo da abin da muka ƙulla da fom a sama tun daga masana'anta. Kowane kati ko aiki yana da tarihinsa manne da shi, kuma manhajar ce ke rubuta shi ba mutum ba. A Jira, shafin History na kowane aiki yana nuna filin da aka sauya, da tsohon abin da ke ciki, da sabon, da wanda ya sauya, da lokacin. Manajan zai buɗe 214 ya karanta labarin a jere: an rufe ranar 11, an sake buɗewa ranar 12 da bayanin ƙara, an rufe ranar 14. In akwai filin ranar kammalawa da ake cikewa da hannu kuma aka mayar da shi 3, wannan sauyin ma zai bayyana. Bai sha wahalar zargin komai ba, abin na gabansa.

Fifikon da ya fi burge ni shi ne ana iya yi wa tarihin kansa tambaya. Da harshen bincike na Jira, wannan layin zai fito da duk ayyukan da aka sake buɗewa bayan an ce an gama su a cikin Maris:

```
status CHANGED FROM "Done" DURING ("2025/03/01", "2025/03/31 23:59")
```

Wannan jeri ya fi jerin ayyukan da aka gama amfani ga manaja nesa ba kusa ba, domin aikin da aka rufe aka sake buɗewa shi ne inda aka sami saɓani tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka tarar.

Rauninsu a gogewa yake. Tarihin yana rayuwa ne a jikin aikin, in aikin ya tafi ya tafi da shi. A Trello akwai bambanci tsakanin Archive, wanda ke ɓoye kati amma ana iya dawo da shi, da Delete, wanda ba ya dawowa. A Jira ma goge aiki na tafiya da sharhohinsa da tarihinsa. Alamar da kan rage ita ce giɓi a lambobi, ka ga 213 da 215 babu 214, amma giɓin ba zai gaya maka abin da ke ciki ba. Don haka abu na farko da za a yi ranar da aka kafa manhajar shi ne a shiga tsarin izini a cire ikon goge ayyuka da na gogewa ko gyara sharhin wasu daga hannun kowa sai mai kula guda, wanda ba ya cikin masu yin aikin. Aikin da aka buɗe bisa kuskure a rufe shi da dalili, kada a goge.

A kuma lura da abu biyu da masu sayar da manhaja kan kira da suna ɗaya. Akwai tarihin da ke jikin kowane aiki, akwai kuma kundin da ke rubuta abubuwan da masu kula suka yi, kamar sauya izini ko cire mai amfani. Na biyun sau da yawa yana cikin tsari mai tsada ne, kuma yana da iyakar kwanakin da yake riƙewa. Kafin a biya, a tambayi abu uku a rubuce: wanne ne ke cikin tsarin da za mu saya, kwana nawa yake ajiyewa, kuma in mun fitar da bayananmu tarihin zai biyo ko halin ƙarshe kawai za mu samu. Fitar da jerin ayyuka zuwa CSV, wato fayil ɗin da ake buɗewa a falle, yawanci yana ba da filayen yadda suke a yau ne, ba matakan da suka bi ba.

Rumbun da ba a gogewa

Hanya ta huɗu ta masu gina manhajarsu ce. Maimakon teburin ayyuka mai filin hali da ake dannewa, sai a yi teburin aukuwa: duk abin da ya faru sabon layi ne, halin aiki na yanzu kuma ana gano shi daga layinsa na ƙarshe. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL zai iya zama haka:

```sql
CREATE TABLE task_events (
  id          bigint GENERATED ALWAYS AS IDENTITY,
  task_id     integer NOT NULL,
  actor       text NOT NULL,
  action      text NOT NULL,
  note        text,
  done_at     timestamptz,
  recorded_at timestamptz NOT NULL DEFAULT now()
);
GRANT SELECT ON task_events TO app_user;
GRANT INSERT (task_id, actor, action, note, done_at)
  ON task_events TO app_user;
```

Asusun da manhajar ke amfani da shi an ba shi karantawa da ƙarawa, ba a ba shi `UPDATE` ko `DELETE` ba, wato ikon gyarawa ko gogewa. Ba a ma ba shi ikon rubuta `recorded_at` ba, sabar ce kaɗai ke cike shi. Lokutan nan biyu su ne zuciyar tsarin. `done_at` shi ne abin da mutum ya ce, `recorded_at` shi ne abin da agogon sabar ya gani. Layin shugaban sashen zai ce an yi ranar 3, an rubuta ranar 14, tazarar kwana goma sha ɗaya a fili. Tambaya guda ta isa ta fito da duk layukan da tazararsu ta wuce kwana ɗaya.

Kada a hana wannan tazara gaba ɗaya. Makaniken da ya gama aiki da dare a inda babu intanet zai rubuta da safe, kuma gaskiya ya faɗa. In tsari ya tilasta lokacin yi ya zama lokacin rubutawa, mutane za su koyi danna maɓallin kafin su gama, ko a rasa ainihin lokacin. A bar mutum ya faɗi nasa, na'ura ta faɗi nata.

Ko a nan ma akwai mai iya taɓawa: mamallakin teburin da babban mai kula da rumbun. Masu bukatar kariya daga su kan sa kowane layi ya ɗauki tambarin SHA-256 da aka lissafa daga abin da ke cikinsa haɗe da tambarin layin da ya gabace shi, ta yadda sauya layi ɗaya zai karya duk na bayansa. Wannan ba ya hana sauyi, tona shi yake yi, kuma sai in an ajiye tambarin ƙarshe na kowace rana a wani wuri da mai kula ba ya kaiwa, in ba haka ba zai sake lissafa sarƙar duka. Wasu kan tura kwafi ma'ajiyar da ake kullewa na wani wa'adi, kamar Object Lock na Amazon S3. Wani abin lura: giɓi a lambar `id` ba hujjar gogewa ba ce, domin rubutun da aka fara aka fasa yana cin lamba. Kada a tuhumi kowa a kansa.

Kuɗin wannan hanya ba na sayen kaya ba ne, na mutum ne. Sai an sami mai ginawa, mai kula da kwafin ajiya, da mai yi wa manaja allon da zai karanta ba tare da rubuta SQL, harshen yi wa rumbun tambaya, ba. Ƙungiyar mutum bakwai da ke misalinmu ba ta bukatarsa.

Abubuwan da ke rusa sawun

Asusun haɗaka. In kwamfuta ɗaya ce a ɗakin gyara kuma kowa na shiga da suna ɗaya, to mafi tsadar manhaja za ta rubuta maka cewa wannan suna ne ya rufe, ya buɗe, ya sake rufe 214. Lokutan na nan, amma mutumin ya ɓace. A wannan hali rajistar takarda ta fi, domin rubutun hannu ba ya zama na haɗaka. Wanda ba zai iya bai wa kowane ma'aikaci asusunsa ba, gara kada ya ɓata kuɗinsa.

Na biyu shi ne kalmar an gama ita kaɗai. Duk tsarin da ke sama yana tabbatar da cewa wani ya ce ya gama a wani lokaci, ba ya tabbatar da cewa an canja belin. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne a bukaci shaida ƙarama lokacin rufewa: lambar kayan da aka sa, awon sanyin ɗakin bayan injin ya yi minti talatin yana aiki, ko hoto. A kan ayyukan da kuskurensu ke da tsada, a raba mai yi da mai rufewa. Da a ce rufe 214 na bukatar awon gwaji, shugaban sashen sai dai ya je ya auna ko ya ƙirƙiri lamba da sunansa a kai, kuma mutane da yawa da za su danna maɓalli ba tunani ba za su ƙirƙiri lamba ba. Amma a yi hattara da yawan filaye. Fom mai tambaya goma sha biyar zai cika da kalmar lafiya a ko'ina. Fili biyu ko uku da ake karantawa sun fi.

To wanne za a ɗauka?

Ga ƙungiyar misalinmu, manhajar raba ayyuka zan zaɓa, da asusu ga kowa, an cire ikon gogewa, an kuma sa awon gwaji ya zama dole kafin rufe aikin injin. Ita ce kaɗai cikin masu sauƙin kafawa da ke ajiye wa manajan ƙorafin ranar 12 a inda idonsa zai faɗa a kai ba tare da ya nema ba. In kuɗin asusu bakwai ya yi nauyi, fom mai zuba wa falle shi ne na biyu, muddin manajan ne ko wani daga wajen sashen ya mallake shi. Fallen da kowa ke gyara kai tsaye shi ne na ƙarshe a jerina, ƙasa da takarda, domin yana ba da kwanciyar hankalin da bai cancanta ba.

Lissafin na sauyawa idan mai dubawar ba manajan gida ba ne. In odita daga waje, ko hukuma, ko kotu ce za ta karanta, tambayarsu za ta kai har kan mai kula da tsarin, kuma a nan ne rumbun da ba a gogewa da kwafin kulle ke biyan wahalarsu. A nan kuma wa'adin ajiya ba zaɓinka ba ne. Ƙa'idar PCI DSS ta masu mu'amala da bayanan katin banki, alal misali, tana bukatar a riƙe kundin sawu na aƙalla wata goma sha biyu, wata ukun baya-bayan nan kuma su kasance a shirye don dubawa nan take. Wanda babu irin wannan doka a kansa ya tambayi kansa tsawon lokacin da matsala kan ɗauka kafin ta fito a irin aikinsa. Belin fanka na iya tona kansa cikin makonni, aikin rufin gini sai bayan shekara ko biyu. Wa'adin ajiya ya wuce wannan. Kada kuma ya zama har abada, domin sawun na ɗauke da sunaye da lokutan mutane, kuma dokokin kare bayanai irin GDPR na Tarayyar Turai sun hana riƙe irin waɗannan fiye da bukata.

Kafin a tsayar da shawara akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin fiye da awa ɗaya. A buɗe aikin ƙarya a tsarin da ake son ɗauka, a rufe shi, a sake buɗewa da sharhi, a sake rufewa. Sannan a bai wa ma'aikaci mai izinin yau da kullum minti goma, a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɓatar da sharhin ya mayar da ranar baya. Daga nan a kira wani da bai ga abin da aka yi ba, a ba shi lambar aikin kawai, a ce ya ba da labarin abin da ya faru. A maimaita da asusun shugaban sashe, sannan a fitar da bayanan zuwa fayil a duba ko sharhin da lokutan sun biyo.